Bambancin Takardar Bayanin Manufa ta Digiri na Biyu da ta Digiri na Uku

Gabatarwa

A ƙarshen zangon karatu na farko na aji huɗu, na kai wa wani malaminmu na kimiyyar harshe wata takarda mai shafi biyu domin ya duba mini. Takarda ce da nake so in haɗa da fom ɗin neman gurbin digiri na biyu a wata jami'a ta ƙasar waje, kuma na shafe mako uku ina yi mata kwaskwarima. Malam ya karanta ta a tsanake, sannan ya ɗago kai ya ce, "Wai kai digiri na biyu kake nema ko na uku?" Na ce, "Na biyu, Malam." Sai ya ce, "To, takardar nan taka ta zama jemage. Masu ɗaukar ɗaliban digiri na biyu za su ga ka ɗebo da zafi, masu ɗaukar na uku kuma za su ga ba ka nuna ba tukuna."

Laifin nawa ne. Na samo samfurin takardar wani da ya nemi digiri na uku, na bi sawunta layi bayan layi, ba tare da na san cewa kowane mataki da irin takardarsa ba. Ganin cewa da yawa daga cikinmu muna da burin ci gaba da karatu bayan bautar ƙasa, kuma kuskure a nan yana jawo asarar kuɗin fom da ta shekara guda cur, shi ya sa na ga ya dace in rubuta wannan maƙala. Zan bayyana abin da ya raba takardun biyu, sannan in kawo misali guda daga aikina, wanda Malam ya sa na rubuta shi sau biyu.

Mece Ce Takardar Bayanin Manufa?

Ita ce takardar da mai neman gurbin karatun gaba da digirin farko yake rubutawa da bakinsa, yana faɗa wa sashen da yake nema abin da yake son karantawa, da shirin da ya yi wa karatun, da dalilin da ya sa ya zaɓi wannan sashe. A fom ɗin jami'o'in Amurka, sunan da mai nema zai gani shi ne Statement of Purpose. A Birtaniya an fi rubuta Personal Statement, a Jamus kuwa Letter of Motivation. Yawanci ba ta wuce shafi ɗaya zuwa biyu, wato kalmomi 500 zuwa 1,000, amma kowace jami'a tana faɗin iyakarta, kuma wannan iyaka ce ake bi.

Sauran takardun da ake haɗawa da fom, wasu ne suke magana a kan ɗalibi. Takardar sakamakon jarrabawa ta jami'a ce, wasiƙun shaida kuma na malamai ne. Wannan kaɗai ce ɗalibi yake da iko a kanta daga farko har ƙarshe. Da Ingilishi ake rubuta ta a mafi yawan wurare, amma misalan da zan kawo a nan na mayar da su Hausa domin wannan mujalla.

Tushen Bambancin

Abin da Malam ya fara nuna mini shi ne, kafin mutum ya ɗora alƙalami, ya kamata ya san tambayar da ke zuciyar wanda zai karanta takardar. Daga wannan tambaya duk sauran bambance-bambancen suka tsiro.

Digiri na biyu, a mafi yawan wurare, karatun kwasa-kwasai ne da ake rufewa da ƙaramin kundi. A Birtaniya wata 12 ne, a Jamus da yawancin jami'o'in Amurka kuma shekara biyu. An riga an tsara kwasa-kwasan tun kafin ɗalibi ya zo, kuma da shi da abokan karatunsa duk hanya ɗaya za su bi. Saboda haka, tambayar mai tantancewa ita ce: shin wannan ɗalibi yana da tushen da zai iya ɗaukar karatun nan, kuma ya san abin da ya zo nema a cikinsa? Ba a sa ran ya zo da wani sabon ilimi. Ana son dai ya san inda iliminsa ya tsaya, ya kuma nuna cewa kwasa-kwasan wannan sashe ne za su ciyar da shi gaba.

Digiri na uku kuwa, sharaɗin bayar da shi shi ne ɗalibi ya ƙara wani abu sabo a kan abin da masana suka sani. Yana ɗaukar shekara uku zuwa huɗu a Birtaniya, biyar ko fiye a Amurka. A duk tsawon wannan lokaci, akwai malamin da zai ɗauki nauyin duba aikin, kuma sau da yawa akwai kuɗin tallafi da sashe zai kashe a kan ɗalibin. Don haka tambayar ta sauya: shin wannan mutum zai iya fito da tambayar bincike da kansa, ya bi ta shekara da shekaru har ya kai ga amsa, kuma akwai wani a cikinmu da zai iya duba masa aikin? Mai neman digiri na biyu kamar yaro ne da ya je wurin maƙeri yana cewa a koya masa ƙira. Mai neman na uku kuwa ya riga ya ƙera fartanya ɗaya ko biyu, ya zo da su a hannu, yana neman a ba shi wuri a maƙera domin ya ƙera wani abu da ba a taɓa ƙerawa ba.

Misalin da Za Mu Bi

Ni Bayarabe ne, a Ibadan aka haife ni, kuma a unguwar Sabo na fara tsintar Hausa kafin in zo in karance ta a jami'a. Sabo tsohuwar unguwar Hausawa ce da aka kafa a 1916, kuma masanin halayyar al'umma Abner Cohen ya wallafa littafi a kanta a 1969, inda ya yi nazarin fataucin goro da na shanu da yadda Hausawan wurin suka tsara zamansu. Da na zo rubuta kundin digirin farko, sai na koma Sabo na yi hira da mutum takwas, na naɗi maganarsu.

Abin da ya ja hankalina shi ne jinsi. A Daidaitacciyar Hausa muna cewa "rigar Audu" amma "wandon Audu", domin riga tamace ce, wando kuwa namiji. A bakin wasu matasan da na yi hira da su, sai na riƙa jin "rigan Audu" da "motan Alhaji". Na yi farin ciki ƙwarai, na ce ai na gano tasirin Yarabanci, tunda Yarabanci ba ya bambance jinsi a nahawunsa, ko a wakilin suna ma kalma ɗaya ce take tsaya wa "shi" da "ita". A takardar da na kai wa Malam, na rubuta cewa a digirina na biyu zan tabbatar da yadda Yarabanci ya rusa jinsi a Hausar kudancin Nijeriya baki ɗaya.

Malam ya nuna mini ramuka biyu a wannan jimla. Na farko, ba a tabbatar da komai game da yanki guda na ƙasa a karatun shekara ɗaya. Na biyu, kuma shi ne mafi muni, na yanke hukunci tun kafin bincike. Ya tuna mini abin da muka karanta a kwas ɗin karin harshe, cewa a Zazzaganci da Bausanci ma ana jin -n a inda Kananci yake sa -r, kuma Hausar da ake yi a Ghana ita ma ta zubar da bambancin jinsi. To, ta yaya na san ba daga gida matasan nan suka gaji abin ba? Ban tambayi ko ɗaya daga cikinsu garin da iyayensa suka fito ba. Daga nan ya ce in je in rubuta takardar sau biyu: ɗaya a matsayina na yanzu, ɗaya kuma a matsayin wanda ya riga ya gama digiri na biyu yana neman na uku.

Yadda Ta Digiri na Biyu Ta Kasance

Ga zuciyar takardar farko bayan gyara:

"A kundin digirina na farko na yi hira da mutum takwas a unguwar Sabo ta Ibadan, na lura cewa wasu matasa suna amfani da -n a sunayen da Daidaitacciyar Hausa take sa wa -r. Na ɗauka tasirin Yarabanci ne, amma daga baya na gane cewa yadda na zaɓi mutanen da na yi hira da su bai ba ni damar raba wannan dalili da na karin harshen iyayensu ba. Ba a koya mini yadda ake zaɓen masu ba da bayani ba, ba a kuma koya mini lissafin da ake auna irin wannan bambanci da shi ba. Wannan ne ya sa nake neman kwasa-kwasanku na dabarun binciken fili da na walwalar harshe. A ƙaramin kundina ina fatan in sake duba wannan batu da mutum 12, a kan siga ɗaya tak ta nahawu."

Mai karatu zai lura da abubuwa uku a nan. Na farko, na faɗi abin da na yi da hannuna, da adadinsa da wurinsa. Takardar sakamako za ta nuna cewa na ci kwas ɗin ƙirar kalma, amma ba za ta nuna cewa na taɓa zama a shagon tela da na'urar naɗar magana ba. Na biyu, na fito fili na faɗi abin da ban iya ba. A takardar digiri na biyu wannan ba abin kunya ba ne, domin shi ne ma hujjar neman gurbin. Wanda ya nuna ya iya komai, me zai zo yi a aji? Na uku, na ɗaura kowane giɓi da wani kwas da sashen yake koyarwa. Kafin in rubuta wannan layi, sai da na karanta jerin kwasa-kwasansu na shekarar, domin ambaton kwas ɗin da aka daina koyarwa yana nuna cewa mutum bai duba ba.

Akwai kuma sakin layi guda da na keɓe wa abin da zan yi bayan karatun. Wannan yana da nauyi a digiri na biyu, domin ba duk mai yin sa ne zai zama mai bincike ba. Wani koyarwa zai koma, wani fassara, wani aikin rediyo. Sashe yana son ya ga cewa ɗalibi ya san inda digirin zai kai shi. Ni na rubuta cewa ina son in koyar da Hausa ga waɗanda ba harshensu na gado ba ne, sannan in nemi digiri na uku idan ƙaramin kundin ya nuna akwai abin bi. Batun kundin kuwa, "fata" na kira shi, kuma hakan ya isa. Babu mai kama ɗalibin digiri na biyu da laifi don ya sauya batu bayan zango ɗaya.

Yadda Ta Digiri na Uku Ta Kasance

Da na zo rubuta ta biyu, sai na ga kusan komai ya sauya wuri. Labarin yadda na koyi Hausa, wanda ya ci layi biyar a ta farko, ya koma rabin jimla. Tambayar bincike ce ta hau sama:

"Tambayata ita ce: mene ne yake jawo raunin bambancin jinsi a Hausar waɗanda aka haifa a Sabo ta Ibadan? Akwai amsoshi biyu da za su iya yiwuwa. Idan cuɗanya da Yarabanci ce, to ya kamata raunin ya ƙaru gwargwadon yawan Yarabancin da mutum yake yi a yini, ko daga ina iyayensa suka fito. Idan kuwa gadon karin harshe ne, ya kamata a same shi a gidajen da asalinsu Zazzau ne ko Bauchi, har a bakin tsofaffi, a kuma rasa shi a gidajen da asalinsu Kano ne. Zan naɗi hirar awa ɗaya da mutum 36: rukunin shekaru uku, maza da mata, mutum shida a kowane ɓangare, uku daga gidajen Kanawa, uku daga gidajen Zazzagawa ko Bausawa. Kowannensu zan tambaye shi inda yake yin Yarabanci da waɗanda yake yi da su. Zan ƙirga -r da -n a sunaye na tamace, in kuma ƙirga ya da ta a gaban aikatau, domin in ga ko tare suke raunana ko ɗaya yana riga ɗaya."

Batun dai shi ne na farko, amma dubi abin da ya shigo. Da fari, sha'awa ta koma tambaya. "Ina sha'awar Hausar Sabo" batu ne, kuma ya wadatar a digiri na biyu. A na uku ana neman tambayar da take da amsa fiye da ɗaya, wadda mai bincike zai iya faɗin abin da zai gani idan hasashensa bai yi daidai ba. Wannan shi ne ainihin abin da takardata ta asali ta rasa: na zo da amsa, ban zo da tambaya ba.

Sai kuma giɓin da ake nunawa. A ta farko giɓin a kaina yake, wato abin da ni ban sani ba. A ta biyu giɓin a fagen ilimi yake, wato abin da masana ba su warware ba tukuna. Nuna irin wannan giɓi yana buƙatar karatu, domin dole mutum ya faɗi inda magabata suka tsaya. Ga mai nazarin nahawun Hausa, ba zai yiwu ya yi maganar jinsi ba tare da ya duba manyan littattafan nahawu na Paul Newman, wanda ya fito a 2000, da na Philip Jaggar, wanda ya fito a 2001, da kuma kundayen da aka rubuta a jami'o'inmu na gida ba. Malam ya gargaɗe ni a kan jimlar nan da ɗalibai suke so, wato "babu wanda ya taɓa yin bincike a kan wannan". Ya ce wanda zai karanta takardar wataƙila shi ne ya duba kundi biyu a kan batun. Gara mutum ya ce, "wane ya bayyana kaza, amma bai duba kaza ba", domin wannan magana ce da za a iya bin diddiginta.

Abu na uku shi ne hanyar aiki da lissafin lokaci. Lokacin da nake kundin digirin farko, kowace awa ɗaya ta magana takan ci mini kimanin awa shida kafin in mayar da ita rubutu. A kan wannan ma'auni, hirar awa 36 za ta ci awa 216. Idan ina aikin awa huɗu a yini, kwana biyar a mako, wato awa 20, zan shafe kusan mako 11 ina rubutawa kawai, ban fara ƙirga ko nazari ba. Ɗalibin digiri na biyu a Birtaniya yana da kimanin wata uku ne na rubuta kundinsa gaba ɗaya. Wannan ɗan lissafi shi ya nuna mini ƙarara cewa alƙawarin da na yi a takardar asali ba zai cika ba. A digiri na uku kuwa mako 11 ba komai ba ne. Har ila yau, Malam ya sa na ƙara jimla guda da take amsa cewa mutum uku a kowane ƙaramin rukuni sun yi kaɗan, don haka zan iya rage rukunin shekaru zuwa biyu idan gwajin farko ya nuna akwai buƙata. Ya ce mai tantance takardar digiri na uku ya fi yarda da wanda ya hango raunin tsarinsa da kansa.

Abin da na yi a baya ma ya sauya aiki. A ta farko, kundina shaida ce ta cewa ina da himma. A ta biyu kuwa, kundin digiri na biyu ne yake zama shaidar cewa na iya bincike, don haka ana faɗin tambayarsa, da abin da aka samu, da abin da ya rage wanda ya haifi sabuwar tambaya. Ko kasancewata Bayarabe ya sauya matsayi. A ta farko labarin rayuwa ne. A ta biyu kayan aiki ne, domin mai jin harsunan biyu zai iya gane inda mai magana ya tsallaka daga wannan zuwa wancan. Amma kuma haɗari ne da ya kamata in ambata, tunda mutane sukan sauƙaƙa Hausarsu idan suna magana da wanda ba Bahaushe ba. Maganinsa shi ne a sa ɗan unguwa ya gudanar da wasu daga cikin hirarrakin.

Ambaton Malamai

A takardar digiri na biyu, kwasa-kwasai ake ambata, kuma sunan malami ƙari ne kawai. A ta digiri na uku kuwa, rashin sunan malami babban giɓi ne, domin komai kyawun tambaya, idan babu mai duba ta a sashen, ba za a ɗauki mai ita ba. Ambaton ma yana da ƙa'ida. Jera sunaye da kirarin "shahararren masani" ba ya ƙara komai. Abin da ake so shi ne a faɗi wani aiki na malamin da aka karanta, a nuna inda ya haɗu da tambayar mai nema.

Wajibi ne kuma a tabbatar cewa malamin yana nan, kuma yana karɓar ɗalibai. Mu ɗaliban Hausa muna da wani tarko a nan, domin sunayen da muka haddace daga littattafan aji na manyan da suka daɗe a fagen ne. Russell Schuh, wanda ya yi shekaru yana koyarwa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, ya rasu a 2016. Paul Newman kuma ya yi ritaya daga Jami'ar Indiana. Wanda ya rubuta cewa yana son ya yi aiki a ƙarƙashin malamin da ba ya sashen, ya sanar da masu tantancewa cewa daga tsohon littafi ya ɗauko sunan. Dubawa a jerin malaman sashe na wannan shekara ba ta cin minti goma.

Ƙasa da Ƙasa

Wannan rabe-rabe da na yi yana ɗan sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka ana iya shiga digiri na uku kai tsaye daga digirin farko, kuma shekaru biyun farko na kwasa-kwasai ne. Kwamitin sashe ne yake ɗauka, ba malami ɗaya ba. Saboda haka ana son tambaya mai kaifi, amma ba a son mutum ya nuna kamar ya kulle ƙofa, kuma ya fi kyau ya ambaci malamai biyu ko uku. A can yawanci a watan Disamba ko Janairu ake rufe karɓar takardu domin karatun da zai fara a Agusta ko Satumba, don haka wanda ya kuskure sai wata shekara.

A Birtaniya, mai neman digiri na uku yakan haɗa da wata takarda daban, wato tsarin bincike, wadda ta fi tsawo. A cikinta ne bayanin mutum 36 da lissafin lokaci za su zauna, ita kuma takardar manufa ta taƙaita a kan dacewar mai nema da aikin. A Jamus, hanyar da aka saba ita ce mutum ya fara samun farfesan da ya yarda zai duba aikinsa kafin ya yi rajista, don haka wasiƙar farko da za a aika wa farfesan ita ce take yin aikin takardar manufa. A jami'o'inmu na Nijeriya kuwa, an fi dogara da sakamakon jarrabawa a digiri na biyu, a na uku kuma da tsarin bincike da ganawa da malaman sashe. Duk da haka, ɗalibin gida zai ci karo da wannan takarda da zarar ya nemi tallafin karatu. A kula kuma da digiri na biyu na bincike zalla, irin wanda ake rubuta wa M.Phil. ko M.Res. a fom. Sunansa na biyu ne, amma takardarsa ta fi kusa da ta na uku.

Yadda Ake Gane An Kauce

Malam ya koya mini gwaji mai sauƙi. Ɗauki takardarka ka ƙirga kalmomin da ka kashe a kan kowane ɓangare. Tawa ta digiri na biyu mai kalmomi 800 ta rabu kamar haka: 100 buɗewa, 250 abin da na yi, 250 kwasa-kwasai da dalilin zaɓensu, 150 abin da zan yi bayan karatu, 50 rufewa. Ta digiri na uku kuwa: 250 tambaya da giɓi, 200 binciken baya, 150 hanyar aiki, 150 malamai da kayan aikin sashe, 50 abin da zai biyo baya. Wannan ba doka ba ce, rabon da ya yi mini daidai ne kawai. Amma idan ka ga takardar digiri na uku ta kai rabi ba a ga tambaya ba, ko ta digiri na biyu ta ƙare ba a ambaci kwas ko ɗaya ba, to an kauce.

Gwaji na biyu shi ne na aikatau. Ja layi a ƙarƙashin duk aikatau da ya biyo bayan "zan". Idan mafi yawansu "koyi", "samu horo" da "ƙware" ne, takardar digiri na biyu ce a hannunka. Idan kuwa "gwada", "kwatanta" da "auna" ne, ta na uku ce. Tawa ta asali cike take da "tabbatar" da "warware", waɗanda ba su dace da ko ɗaya ba. Gwaji na ƙarshe ya shafi duka biyun: share sunan jami'ar, ka sa na wata. Idan takardar ta zauna daram ba tare da an taɓa ko jimla ɗaya ba, to ba ka rubuta wa kowa ita ba.

Kammalawa

A wannan maƙala an ga cewa takardun biyu suna amsa tambayoyi ne mabambanta. Ta digiri na biyu tana nuna abin da ɗalibi ya yi, da abin da ya rasa, da kwasa-kwasan da za su cike masa. Ta digiri na uku tana nuna abin da fagen ilimi ya rasa, da hanyar da mai nema zai bi ya samo shi, da malamin da zai duba masa.

Ta farkon ce zan aika idan lokaci ya yi. Ta biyun kuwa tana cikin jakata, kuma ko a yanzu ta yi mini amfani, domin ita ce ta sa na koma Sabo a hutun da ya wuce na nemi mutanen nan takwas, na yi musu tambayar da na manta tun farko: "Daga wane gari iyayenku suka zo?" Shawarata ga 'yan ajinmu da masu biyo mu ita ce, duk wanda zai rubuta ɗaya, ya gwada rubuta ɗayar ma, ko da sakin layi guda ne, sannan ya kai wa malamin da ba ya jin nauyin faɗa masa gaskiya tun da sauran lokacin gyara.